Jarin caca da faɗuwa a jere

"'Yan uwa, na ware naira 50,000 don cacar ƙwallo. Nawa ya kamata in riƙa sawa a kowane wasa? Makon jiya na faɗi sau shida a jere, har na fara tunanin ninka kuɗin."

Ɗan uwa, don Allah kar ka ninka. Hukuncin caca a addini ka san shi, kuma yawancin masu yi asara suke ƙarewa da ita. Amma tunda kana ciki, ga abin da shekaru suka koya mini.

Fara da tambayar kanka: in dubu hamsin ɗin nan ta tafi gaba ɗaya, za a ɗora tukunya a gida? In akwai kuɗin haya ko na makarantar yara a ciki, to ba jari ba ne, cire su tun yau. Abin da ya saura ka raba shi gida hamsin, kaso ɗaya shi ne abin da za ka sa a wasa, wato naira 1,000 in ba ka cire komai ba. Ko wasan da kake ganin ba makawa, nan za ka tsaya.

Ga dalili. A od na 1.90, wato in ka sa 1,000 ka ci a ba ka 1,900, sai ka ci wasa 53 cikin 100 kafin ka fita daga asara. Wanda yake cin 55 gwani ne na gaske, amma ko shi, in ya buga wasa 500, yiwuwar ya faɗi sau bakwai a jere ta fi rabi. Ba hannunsa ne ya lalace ba, lissafin ne ya gaji haka. Mai sa 1,000 zai wayi gari da 43,000, ya ci gaba da harkarsa. Mai sa 5,000 kuwa saura masa 15,000, sai ya ninka ta fiye da sau uku kafin ya koma inda yake.

Ninkawa na taɓa gwada ta. Na sa 1,000, sai 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, a Asabar ɗaya. Dubu talatin da ɗaya ta tafi. Na shida yana neman 32,000, ni kuma 19,000 ce a hannuna. Ina zaune a bencin gidan kallo, waya a hannu, ina laluben lambar wanda zan ranta a wurinsa. A nan na gane inda na dosa, na kashe wayar.

Tun daga ranar nake rubuta kowane tikiti a littafi: rana, wasa, od, sakamako. Ba na sauya kaso sai ƙarshen wata. In jari ya sauko 40,000, kaso ya koma 800. In ya kai 25,000, na dakata wata guda cur, ba na ƙara ko sisi daga albashi. Kai ma rubuta taka iyakar yanzu, kafin wasannin ƙarshen mako su fara.