Ciwon ƙirji da ke lafawa idan ka zauna

Tambaya: “Ƙirjina na suka idan na kwanta, in na zauna sai ya lafa. An yi min gwajin zuciya na ECG a nan Kumasi, wai kumburin rigar zuciya ne. Mene ne wannan?”

Sannu ɗan'uwa. Zuciya tana cikin wata siririyar jaka, ita ce ta kumbura, galibi bayan mura. Shi ya sa kwanciya rigingine ko dogon numfashi ke tsananta sukan, sunkuyawa gaba kuma ta sassauta shi. A takardar ECG za ka ga sashen layin da ake kira ST ya ɗaga kusan ko'ina, sashen PR kuma ya sauka. A ciwon toshewar jijiyar zuciya kuwa, a ɓangare guda ST yake ɗagawa.

Yawanci ibufurofen ake bayarwa, mako 1 zuwa 2, da kolcisin na wata 3. Don Allah kada ka ajiye kolcisin don ka ji sauƙi, shi ke rage dawowar ciwon. Ka dakata da ƙwallo tukuna. Idan zazzaɓi ya haura 38 ko numfashi ya fara sarƙewa, wuce asibitin Komfo Anokye nan take, wataƙila ruwa ne ya taru a jakar zuciyar. Su duba tarin fuka ma, yana kawo shi a ƙasashenmu.