Rasit tara, jimla biyu: tambayoyinku kan lissafin kuɗin tafiyar aiki

Tambaya: Malam, ni ce nake duba takardun neman biyan kuɗin tafiya a ofishinmu. Wani abokin aiki ya kawo rasit tara, Excel ya ba ni naira 48,700, kalkuleta kuma ta ba ni 61,200. Na tura maka fayil ɗin. Wanne zan yarda da shi? (Wata ma'aikaciyar akawu daga Zariya)

Amsa: Hajiya, kalkuleta ce da gaskiya, amma Excel bai yi laifin komai ba. Abin da aka zuba masa shi ya tara.

Na buɗe fayil ɗin. A akwatin C4 abokin aikin naki ya rubuta `N8,000`, a C9 kuma ya rubuta `4,500 POS`. Ki haɗa waɗannan biyun, naira 12,500 ke nan, daidai giɓin da ya hana ki barci. Da zarar harafi ya shiga akwati tare da lamba, Excel ya daina ganin lamba, rubutu yake gani kamar sunan mutum. Shi kuma `SUM` ɗabi'arsa ce ya tsallake rubutu ya wuce ba tare da ya ce uffan ba. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Ko ɗan koren alamar nan da ke fitowa a kusurwar akwati ba za ki gani ba, domin ita tana fitowa ne idan lamba ce zalla aka ajiye a matsayin rubutu.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na sha yin magana a kansa. Mutane suna ɗaukar Excel kamar littafin bashin mai shago, su rubuta kuɗi, su maƙala masa bayani a gefe, su sa N a gaba don ya yi kyau. Sannan su buga jimla a takarda, su sa hannu, oga ma ya sa hannu, domin kowa ya yarda cewa kwamfuta ba ta kuskure. A wannan karon mai neman kuɗin ne zai yi asarar 12,500 daga aljihunsa, wato ya yi wa ofis hidima kuma ya biya da kansa. Ba don kin ɗauki kalkuleta ba, da shi ke nan an wuce wurin.

Ga al'adar da nake so ta bi jikinki. Kafin ki kalli jimla, ki fara ƙirga. A wasu akwatuna biyu da ba kowa a ciki ki sa waɗannan:

```
=COUNTA(C2:C10)
=COUNT(C2:C10)
```

Na farko yana ƙirga duk akwatin da aka rubuta wani abu a ciki. Na biyu lambobi kaɗai yake ƙirgawa. A fayil ɗinki na farko ya ba da 9, na biyu ya ba da 7. Duk ranar da suka saɓa, akwai kuɗin da bai shiga jimla ba. Sai kuma ki ƙirga rasit ɗin da ke hannunki da yatsa, ki ga ko tara ne. Adadi uku ke nan, dole bakinsu ya zo ɗaya kafin ki yarda da kowace jimla.

Gano mai laifin ba wuya. Idan ba a taɓa tsarin shafin ba, lamba tana jingina da dama, rubutu yana jingina da hagu. Ki share haruffan, ki bar 8000 da 4500 kawai, jimlar za ta koma 61,200. In alamar naira ake so, a danna `Ctrl+1` a zaɓi `Currency`, a ƙarƙashin `Symbol` a zaɓi ₦, Excel ya sa ta da kansa. Bayani irin na POS kuwa a ba shi nasa layin daban.

Tunda fom ɗin naku kowa ne ke cikawa, ki toshe ƙofar tun daga tushe. Ki zaɓi layin kuɗin, ki shiga `Data`, sai `Data Validation`, a ƙarƙashin `Allow` ki zaɓi `Decimal`, ki ce ya fi sifili. Duk wanda ya buga harafi zai ga an ƙi karɓa. Sai dai wanda ya kwafo daga wani wuri ya liƙa zai iya ratsa wannan shinge, shi ya sa ƙirgar nan ba ta da ranar hutu.

Tambaya: Na tafi aiki ranar Litinin 3 ga Maris, na dawo Juma'a 7 ga wata. Na rubuta kwana biyar, akawu ya mayar huɗu. Ina matakin albashi na 9. (Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya daga Dutse)

Amsa: Malam, ka ƙirga da yatsunka sau nawa ka kwanta a can: daren Talata, na Laraba, na Alhamis, na Juma'a. Huɗu ne. Haka `=C2-B2` zai ba ka, ranar dawowa a cire ranar tafiya. Wuni biyar kuwa sai an ƙara `+1`. A jadawalin da gwamnatin tarayya ta fitar a 2022, kuɗin kwana ɗaya na mataki na 7 zuwa na 10 naira 17,500 ne, don haka in da shi ake lissafi, rigimar taku tsakanin 70,000 ce da 87,500. Abin da zai raba gardama shi ne takardar amincewa da tafiyar: kwana nawa aka sa wa hannu, kuma dare ofishinku ke biya ko wuni. Ka nemo ta ka karanta kafin ka koma wurin akawu da faɗa.

Tambaya: Na je Kaduna daga Kano da motata na dawo. Mitar mota ta tashi daga 84,120 zuwa 84,410, wato 290. Direbobi sun ce tafiyar ta haura kilomita 450. Kamfaninmu naira 100 yake biya kan kowace kilomita. Mitar ce ta lalace? (Wani mai tallan magunguna daga Kano)

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Ina kyautata zaton motarka ta hannu ce 'yar Amurka, kuma mitarsu da mil take ƙirga. Duba allon gudun: in manyan lambobin suna tare da `MPH`, magana ta ƙare. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka:

```
=CONVERT(290,"mi","km")
```

zai ba ka 466.7. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ce, zuwa da dawowa kusan 460, ragowar 'yan kilomitocin kuma zirga-zirgar cikin gari ce. Da ka rubuta 290, naira 29,000 za a ba ka maimakon kimanin 46,670. Ka ɗauki hoton mitar kafin ka tashi da bayan ka dawo, ka haɗa da hoton hanyar daga Google Maps, ka rubuta a fom cewa mitar ta mil ce don kada mai dubawa ya zaci ƙari ka yi. Kuma ka tambaya ko kuɗin mai yana cikin naira 100 ɗin. In yana ciki, kada ka sake maƙala rasit ɗin gidan mai, neman biya sau biyu ke nan.

Tambaya: Rasit ɗin POS da na ajiye a aljihun mota duk sun koɗe sun zama fari. Akwai manhajar da za ta dawo da rubutun? (Wani direba daga Gombe)

Amsa: Babu, Malam. Takardar ba tawada ba ce a jikinta, zafi ne ya rubuta ta, zafi da rana kuma su ne suka ɓata ta. Kada ka sa mata dutsen guga, baƙi za ta yi gaba ɗaya. Ka buɗe manhajar bankinka ka sauko da shaidar kowane biya, ranar da adadin suna nan. Nan gaba kuma, tun kana tsaye a gaban mai shagon ka buɗe Google Drive, ka zaɓi `Scan`, ka ɗauka, ka sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata da adadin kuɗin.