Sabar a kashe, amma kuɗi na ta hawa

"Na tsayar da sabata ta EC2 tun watan jiya, amma AWS sun sake cire min dala 14 daga kati. Daga ina kuɗin?"

Malam, `Stop` na'urar kawai yake tsayarwa. Faifan EBS da sabar ke ajiye bayanai a kai na nan, ana cajinsa kullum. A yankin `us-east-1`, faifai nau'in gp3 senti 8 ne kowane GB a wata, wato 100GB dala 8. Adireshin Elastic IP, wato adireshin intanet na dindindin da aka ware maka, kuma kusan dala 3.60 a wata, ko ba a amfani da shi. Ragowar wataƙila tsofaffin `Snapshots` ne, wato kwafin faifai da aka adana. Buɗe `Bills`, bi kowane yanki, domin abin da ke wani yankin ba ya fitowa a shafin EC2 ɗinka. Kwashe bayananka, danna `Terminate`, goge faifan da ya rage, saki adireshin.

A `Budgets` saka iyakar dala 5, ya turo maka imel. Gargaɗi ne kawai, ba ya kashe komai, kuma yakan makara da sa'o'i.