Za mu bar Excel mu koma manhajar sito: wacce zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rarraba kaya ga 'yan sari, muna da sito 2 da kaya kusan iri 900. Har yau da Excel muke lissafi, kuma duk sanda muka yi ƙirga sai an samu giɓi. Wani mai sayar da manhaja ya ce cikin kwana 3 zai kwashe fayil ɗinmu ya zuba a tasa, giɓin ya ƙare. Ina tsoron zuba kuɗi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sa hannu a takardar mutumin nan tukuna. Maganar kwana 3 ɗin ita ce ta fi tayar mini da hankali, don kusan kullum sai na ji irinta, kuma na gaji da share ɓarnar da take bari.

Manhaja ba ta ƙirga kaya. Abin da aka faɗa mata shi take riƙewa. In aka zuba mata alƙaluman da ke cikin fayil ɗinka, giɓin nan zai bi ku, sai dai yanzu ba mai tuhumarsa, tunda "kwamfuta ce ta faɗa".

Na taɓa aiki da wani mai rarraba kayan lantarki da ya faɗa wannan rami. Ƙwan fitila iri ɗaya yana da layi biyu a fayil ɗinsa, saboda ma'aikata biyu sun rubuta sunan daban. Layin farko 120, mai sito yana nufin katan, kowane katan guda 24. Layi na biyu 300, wanda ya rubuta yana nufin ɗaiɗai. Gaskiyar abin da ke ƙasa guda 3,180 ne. Wanda ya zuba fayil ɗin ya ɗauki duka a matsayin katan, manhaja ta nuna katan 420, wato guda 10,080. Masu talla suka ga kaya jibge a allo, suka karɓi oda, yaran lodi suka je ba su samu ba. Kafin wata ya cika mai sito ya koma littafinsa na hannu, manhaja ta zama ado. Alamar wannan ciwo a bayyane take: gyaran adadi da hannu yana yawaita, wasu kayan kuma su nuna ƙasa da sifili. Shi kuwa mai manhajar ya karɓi kuɗinsa, cewa yake laifin ma'aikata ne.

Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyanka kafin zaɓen manhaja. Kowane kaya ya samu lamba ɗaya tak. A tsayar da ma'auni mafi ƙanƙanta da kuke sayarwa, a rubuta guda nawa ne a fakiti, fakiti nawa a katan. A raɗa wa kowace kanta suna a manna mata, misali `A-03-2`, wato layin A, kanta ta 3, hawa na 2. Ranar komawa manhajar a tsayar da shiga da fitar kaya, a ƙirga komai ba tare da an nuna wa masu ƙirga adadin da ke rubuce ba, don in sun gani, shi za su kwafa. Wannan ƙirgar ce za ta shiga manhaja. Daga tsohon fayil sunaye kawai za a ɗauka, bayan an tace su.

Sai zaɓen kansa. Da yawa abin da ake tallatawa lissafin kaya ne kawai: ya gaya maka nawa ne, amma bai san ina suke ba. Kai wadda ta san wurin ajiya kake so, wadda ake sikanin bakod da ita wajen karɓa da wajen fitarwa. A girmanka Odoo ko ERPNext na iya ɗaukar aikin in an saita su da kyau. Irin su SAP EWM na manyan kamfanoni ne, nauyinsu ya fi ƙarfin buƙatarka.

Kada ka yarda da nunin da masu manhajar suka shirya da kayansu na bogi. Ba su kayanka iri 20, ka kira mai sitonka ya riƙe na'urar da kansa. Ya karɓi katan 47 a odar da aka yi ta 50. Ya fasa katan ya fitar da guda 5. Ya karɓi kayan da kwastoma ya dawo da su a lalace, a ga ko za su koma cikin na sayarwa. Ya tura kaya daga sito ɗaya zuwa ɗayan, a ga inda suke a lissafi suna kan hanya. In kana da kaya masu wa'adi, a ga ko tana tura shi ga wanda zai riga lalacewa. Sannan a kashe intanet a ga abin da zai faru.

Kafin ka biya, su nuna maka yadda take haɗuwa da manhajar akantanka, su kuma fitar maka da dukkan bayananka a fayil ɗin `CSV`, irin wanda Excel ke buɗewa, a gabanka. In sun fara kame-kame a nan, ranar da ka so barinsu tarihin kayanka a hannunsu zai maƙale.