Me zan fara sayarwa, Baffa?

"Baffa, an sallame mu daga aiki. Ina da dubu 900 a hannu, da ajiyar banki ta dubu 300 da za ta nuna nan da wata uku, da hannun jari a kamfanin da ya sallame ni, da fili, da kuɗin fansho. An ce a zamaninku ba a taɓa fili ko ana yunwa. Haka ne? Me zan fara sayarwa?"

Ɗana, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na yi murmushi da na ga wai mu ba ma taɓa fili, amma hankalina bai kwanta ba, don ka lissafo mini duk abin da ka mallaka, ba ka faɗi abin da gidanka ke ci a wata ba.

Ni ma an taɓa miƙo mini irin wannan takarda, lokacin kana goye. Aka haɗa mini da kuɗin sallama, albashin wata shida. Washegari na kwashi na wata huɗu na biya bashin da nake biya a hankali, wanda ba mai matsa mini a kansa, don dai in kwana ba bashi. Na ɗauka aiki zai samu cikin wata biyu. Sai da na yi wata goma sha ɗaya a zaune.

A wata na biyar hannuna ya bushe, na nemi mai sayen filina. Har yau ina ganin mutumin. Ya zo ya zaga filin sau ɗaya, bai ko duba iyaka ba, fuskata yake kallo. Ya ce, "Yaushe kake son kuɗin?" Na ce cikin makon nan. Da wannan kalmar na karya farashin da bakina. Ya taya kashi biyu cikin uku na abin da aka taya na kusa da shi, na sallama, hannuna na rawa wajen sa hannu. Duk wannan lokacin hannun jarina na kamfanin yana nan, na ƙi sayarwa ina jiran ya farfaɗo, shi kuwa kullum ƙasa yake yi, domin ciwon da ya sa suka rage ma'aikata shi ne yake cin darajarsa.

Da na je wa kakanka da labarin, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce dukiya ƙafa gare ta, wata gudu take yi zuwa aljihunka, wata rarrafe, mai rarrafen kuwa tun da sauran rana ake tayar da ita.

To ka zauna da iyalinka ku mayar da kuɗin nan watanni. In gidan yana cin dubu 150, dubu 900 wata shida ne. In kun tsaya kan dole, wato haya, ci, magani da makarantar yara, ya dawo dubu 100, ya zama wata tara. Ajiyar bankin kada ka fasa ta kafin lokacinta a yanke maka riba. In ta nuna kada ka sabunta, ta ƙara maka wata uku, ka samu shekara. Ana yawan cewa wata shida ya isa, amma in sana'ar taku gaba ɗaya ce ke rage mutane, shekarar nan ita za ka riƙe. Duk wani zubi da kake yi a jari kowane wata, dakatar da shi yau.

Hannun jarin kamfanin shi zan fara ragewa da ni ne. Yana komawa kuɗi cikin 'yan kwanaki, kuma bai kamata ragowar arzikinka ya rataya a inda albashinka ya yanke ba. Ka sayar kashi-kashi, ka tambayi kuɗin dillali da haraji tukuna. Fansho shi ne na ƙarshe, don cire shi da wuri yakan zo da sharuɗɗa ko yanka, kuma abincin tsufanka ne.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, komai yana cikin waya, dannawa ɗaya an sayar, dannawa ɗaya an ci bashi mai ruwa. Na ga wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a wata harka da aka ce tana ninkawa cikin wata guda, don ya maye gurbin albashi. Kar ka soma.

Batun fili kuwa, ni dai na taɓa nawa, kuma ba sayarwar ce ke cina ba, ranar da na sayar ce. Ka sa wa kanka alama: in kuɗin hannu ya sauko zuwa na wata huɗu aiki bai samu ba, ka fara jin farashi a natse, ba tare da ka faɗa wa kowa ranar da kake buƙata ba. Ko za a sayar ko a'a, wannan sai mun zauna. Ka turo mini lissafin watan nan tukuna, har da abin da kake ba mahaifiyarka.