Wasiƙar Ƙarin Kuɗin Biredi: Me Zan Faɗa Wa Kwastomomina?

Tambaya: Malam, ina da gidan biredi a Kurna. Fulawa da sukari da bota sun tashi a Kasuwar Singa, har na fara cin uwar kuɗi. Tsoro nake in rubuta wa masu shayi da masu kanti cewa zan ƙara kuɗi, su gudu. Wasu sun ce in rage girman biredin kawai in yi shiru. Ya zan yi?

Amsa: Alhaji, ka rubuta wasiƙar, amma ka fara da lissafi. A ce buhun fulawa mai kilo 50 yana ba ka biredi 100. Fulawa ta ƙaru da naira 5,000, sukari da bota da yis da leda na kwaɓin buhu guda suka ƙaru da 3,000. Dubu takwas ke nan a kan biredi 100, wato naira 80 kowanne. Ƙarin naira 100 ya rufe wannan giɓin, kuma kana iya kare shi a gaban kowa.

Shawarar rage girma kuwa, kullum ina jin ta, kuma ta ishe ni. Masu ba da ita ba su san mai shayi ba. Mutumin nan yanka biredi yake yana sayarwa safe da yamma, ya san yanka nawa yake fitarwa a guda, kuma a nan ribarsa take. Ranar da ka zaftare kwaɓin, wuƙarsa ce za ta fara gaya masa. Ba zai zo ya yi maka faɗa ba, zai dai ce wa yaronka ya ajiye biyar maimakon ashirin, bayan kwana biyu ka ga biredin wani a teburinsa. Ƙarin kuɗi yana iya ɗora shi a kan mai saye, amma ragin da aka ɓoye masa daga aljihunsa yake fita. Abin da ya fi muni, wanda ya rage kwaɓi yakan nemi abin da zai kumbura biredin ya ɓoye ragin, daga nan a kai shi ga sinadarin buromet da hukumar NAFDAC ta haramta saboda illarsa ga lafiya. Tauye mudu ne, kuma ka san abin da Suratul Muɗaffifina ta ce a kansa.

Wasiƙar kada ta wuce shafi guda, da Hausa. Bayan sallama, ka ambaci kayan da suka tashi da sunansu, sannan tsohon farashi da sabo na kowane girma, da ranar da sabon zai fara. Ka ba su aƙalla mako guda su sanar da nasu masu sayen. Ka rubuta ƙarara cewa nauyin biredi bai canja ba, kuma bashin kayan da aka riga aka ɗauka a tsohon farashi za a biya. Kada ka yi alkawarin ragewa idan fulawa ta sauko sai in ka tabbata za ka cika. Manyan masu ɗauka kuma, ka kai musu da hannunka kafin yaron raba biredi ya rigaya ka.