Zana y = x² − 4x + 3 da hannu

"Don Allah ta ina zan fara zana y = x² − 4x + 3? Nawa kullum a karkace yake fitowa."

Ɗan'uwa, fara da ƙololuwa, wato wurin da zanen ke juyawa. Yi amfani da x = −b/2a, inda a ita ce lambar da ke ninka x², b kuma mai ninka x, wato 4/2, ka samu 2. Mayar da 2 cikin lissafin, y zai ba ka −1. Gindin zanen ke nan, (2, −1), kuma tunda a ba ta da alamar ragi, bakinsa sama zai kalla kamar ƙwarya.

Daga (x − 1)(x − 3) za ka ga ya ratsa layin x a 1 da 3. Layin y kuwa a 3.

Ina zargin alamar b ce ke kayar da kai. A nan b ɗin −4 ce, mutane da yawa sai su samu −2. Gane kuskuren ba wuya: dole ƙololuwa ta zauna daidai tsakiyar 1 da 3.

Ƙara (4, 3), abokin (0, 3) a ɗaya gefen, sannan ka haɗa su da lanƙwasa. Ajiye rula.